Keken Kawu Simon da Rigar Matsakaiciyar Mace

Ban tuna ba ko bara ce ko bara waccan, amma dai lokacin da citta ta yi tsada ne, Derrick ɗan maƙwabciyata Mama Afiniki ya yanke shawarar zama babban attajiri a Kafanchan.

Derrick ya karanta ilimin ƙididdiga a jami'a. Ya yi bautar ƙasa ya dawo, ya raba takardun neman aiki tun daga Kaduna har Abuja, ba wanda ya kira shi. Sai dai rashin aiki bai taɓa bakinsa ba. In ka ce masa da alama za a yi ruwa, sai ya dubi sama ya ce, "Kashi sittin cikin ɗari." In ruwan ya sauko ya ce ai ya faɗa, in bai sauko ba ya ce ai ya bar arba'in.

Wata safiya ya same ni a gindin mangwaro da takarda a hannu. Ya ce, "Baba Malam, ka saurari wasiƙar da za ta canza tarihin garin nan."

Na ce, "Wa aka rubuta wa? Gwamna?"

Ya ce, "Kawu Simon."

Kawu Simon yayan mahaifiyarsa ne, tsohon hedimasta, yana noman citta a Zangon Kataf. Mutum ne da ba a roƙonsa ta waya. In ka kira shi kan maganar kuɗi sai ya ce ba ya jinka, iska ta yi yawa. Abin da aka sa wa hannu kawai yake ganewa. Derrick ya gyara murya ya karanta mini:

"Zuwa ga Kawuna abin girmamawa. Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, da Mama uwargidanka, da ƙanena Christopher, da aikin gona. Mu ma nan muna lafiya, sai godiya. Bayan haka, Kawu, ka san halin da ake ciki game da aikin gwamnati. Na gaji da cin tuwon Mama ba tare da na kawo ko gishiri ba. Saboda haka nake roƙon ka ranta mini naira dubu tamanin in sayi keken ɗinki na hannu, kai da ƙafarsa, da almakashi, da tef, da dutsen guga na gawayi. Ba kyauta nake nema ba. Zan riƙa biya dubu goma duk ƙarshen wata har in gama, Mama ce shaida."

Na ce, "Madalla. Wannan wasiƙa ta yi. Sa hannu ka rufe."

Ya ce, "Tukuna, ai yanzu aka fara."

Ya juya shafi. "Kada Kawu ya damu da zancen koyo. Na kalli yadda ake yi a waya, na gane komai cikin mako guda. Ɗinki lissafi ne kawai, ni kuwa lissafi na karanta. Telolin garin nan suna ɓata lokaci ne don ba su da ilimin tsari. Abin da suke yi a wata, zan yi shi a mako. Nan da shekara biyu za ka ga faktori a Kafanchan da reshe a Sabon Tasha. Ni ne ɗanka mai biyayya, Derrick."

Na ce, "Ɗana, da ka tsaya a shafin farko."

Ya ce, "Baba Malam, shafin farko roƙo ne. Na biyu shi ne hangen nesa."

Ya ba direban bas ɗin Zangon Kataf wasiƙar. Yana jiran ya ji kuɗi sun faɗo a waya, har ya fara duba sabon takalmi a kasuwa. Kuɗi ba su zo ba. Kawun ne ya zo da kansa, ranar Laraba ko Alhamis, a kan tsohon babur ɗinsa, da lema a ɗaure a baya.

Aka yi rashin sa'a, ko sa'a, ranar ce matan Zumunta na coci suka taru a tsakar gidan Mama Afiniki suna koyon waƙa. Shugabarsu Mama Bernice za ta aurar da 'yarta, sun fitar da anko, atamfa shuɗiya mai zanen ganye, kowace da turminta. Suna cikin kukan cewa duk telolin gari sun cika da aiki, ba mai karɓar riga goma sha biyu cikin mako biyu.

Kawu Simon ya zauna, ya sha ruwa, ya sa tabarau. Ya ce, "Iyayenmu mata, ku daina kuka. Ashe akwai babban tela a gidan nan ba ku sani ba." Ya zaro wasiƙar ya karanta musu ita da muryar hedimasta, tun daga gaisuwa har reshen Sabon Tasha.

Mama Bernice, wadda in ta zauna a benci sauran mata sai su nemi tabarma, ta tafa hannu. "Yesu na! Afiniki, kina da wannan a ɗaki kika bar mu muna yawo?"

Mama Afiniki ta ce, "Ni ban taɓa ganin ya sa maɓalli a riga ba."

Derrick ya ce, "Mama, maɓalli ƙaramin aiki ne. Ku kawo. Goma sha biyu kawai?"

Kawu ya ce, "To, ji sharaɗina. Kuɗi ba za su taɓa hannunka ba, tare za mu je mu saya. Rasit da sunana, keke nawa ne har ka gama biya. Wannan anko shi ne jarrabawarka. In matan nan suka shiga coci ranar aure da rigunanka, keke ya zauna. In ba haka ba, in ɗaure shi a bayan babur, kai ma ka hau, mu tafi cirar ciyawa a gonar citta."

"Kawu, ka ɗauka an gama."

Suka tafi kasuwa wurin Alhaji Misbahu, wanda tun kakansa suke sayar da kekuna da gyaransu a garin nan. Ni ma na bi su, don ina neman batir ɗin rediyo, ko da yake ina jin ban saya ba. Derrick ya nufi wani keke mai ƙyalli. Kawu ya wuce shi ya tsaya kan wani baƙi da fentinsa ya goge. Ya sa Alhaji ya ɗaura bel, ya ninka tsumman wando huɗu ya ɗinka, ya juya bayan ɗinkin ya duba ko zare ya kwanta daidai sama da ƙasa. Ya kara kunne ya ji ko akwai ƙara. Sannan aka shiga ciniki. Alhaji ya rantse cewa faɗuwa zai yi, Kawu ya buɗe lema kamar zai tafi, aka kira shi ya dawo. Da aka daidaita, Alhaji ya ƙara musu kwarkwaro uku na naɗa zaren ƙasa, da fakitin allura, da 'yar kwalbar man keke.

Alhaji Misbahu ya ce, "Samari, zauna in nuna maka yadda ake zura zare."

Derrick ya ce, "Alhaji, kada ka wahala. Na gani a waya."

"To, Allah ya ba da sa'a. Shagona dai ba ya tashi."

Aka kafa keke a barandar Mama Afiniki. Kafin a ɗinka ko hankici, Derrick ya sa an rubuta allo: Kamfanin Tufafin Zamani na Derrick, Babban Ofis. Matan suka kawo atamfofinsu, kowace ta haɗa da tsohuwar rigarta wadda ta zauna mata daidai, kamar yadda ake yi in telan namiji ne kuma sa'an ɗan cikinki, don ba zai zagaya miki tef a ƙirji ba. Zani da ɗankwali ba su da wuya, kalmasa baki ne kawai. Riguna su ne aikin.

Ranar farko ya hau keke ya taka. Ƙafa ta tafi gaba, ƙafa ta dawo baya, keke ya juya ta baibai, zare ya tsinke. Ya zura, ya taka, ya tsinke. Mai shagon kusa ya leƙo ya ce, "Manaja, ai sai ka fara juyo wilin da hannu ta wajenka, sannan ƙafa ta karɓa."

Derrick ya ce, "Na sani. Gwada ribas nake yi."

Rana ta biyu keke ya yarda ya tafi gaba, amma allura sai ta huda ƙyalle ta wuce ba ta kama zaren ƙasa ba. Ya ɗinka layi mai tsawo, ya ɗaga, ƙyalle biyu suka rabu kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Ya ce an sayar wa Kawu mataccen keke. Ya cire kan keken ya ɗora a acaɓa sai shagon Alhaji Misbahu, yana faɗa tun daga bakin layi. Alhaji ya kwance ɗan kusa, ya juya allurar, ya ɗaure. Ya ce, "Allura tana da gaba da baya. Ka sa ta a juye. Kuɗin gyara ba komai, kuɗin acaɓa kuma kai ka sani."

Daga nan sai zare ya fara taruwa a ƙarƙashin ƙyalle kamar sheƙar tsuntsu, don yakan manta ya sauke takalmin keke mai danne ƙyalle kafin ya taka. Ya buɗe ƙasa ya ciro ƙoshiya, gidan kwarkwaro, don ya ga me ke ciki, kwarkwaro ya faɗi ya gangara, kazar Mama ta bi shi a guje, zare na warwarewa har bakin rijiya. Man keke kuma ya ƙare tun rana ta uku, don yana zuba shi kamar mai suyar ƙosai. Sai ya shiga kicin ya ɗebo man gyaɗa. Kwana biyu keke ya yi nauyi, ya daskare, tururuwa suka yi layi daga katanga har kan allura.

Mama Afiniki ta ce, "Ga kwastomomi sun fara zuwa."

Sai da aka wanke keke da kananzir. Ranar da ya samu layi ya miƙe masa, murna ta sa ya taka da ƙarfi har ya haɗa da gefen rigar da ke jikinsa. Mama Serah, ɗaya daga cikin masu anko, ta shigo duba aiki, ya tashi zai gaishe ta, keke ya ce ina za ka. Mama Serah siririya ce, irin wadda in iska ta taso ake cewa ta riƙe ƙofa. Ta yi dariya har ta zauna a ƙasa.

"Derrick, kai ma anko za ka shiga?"

"Mama, gwajin ƙarfin zare ne. Ya ci jarrabawa."

Gaskiya dai, zuwa ƙarshen mako yaron ya iya ɗinka layi, har ya gama kalmasa zannuwa da ɗankwalaye. Amma bikin sallamar amarya ranar Alhamis ne, aure Asabar, ga shi Litinin ta yi bai yanka riga ko ɗaya ba. Ya dubi tarin rigunan gwaji goma sha biyu, kowace da nata girma, kowace sai an shimfiɗa, an zana da alli, an yanka daban. Can sai na ji ya buga tebur.

"Baba Malam! Na gano inda teloli suke asara!"

Na ce, "Ina ne?"

"Suna yanka wa kowa nasa! Wannan ɓarnar lokaci ce. Dubi." Ya auna ƙirjin rigunan nan duka ya tara, ya raba gida goma sha biyu. Ya yi wa kafaɗa haka, ya yi wa tsawo, ya yi wa hannu. Ya fitar da awo guda. "Wannan ita ce matsakaiciyar matar Zumunta. Ita zan ɗinka wa. Kowa yana kusa da matsakaici, haka ilimi ya ce."

Na ce, "Har Mama Bernice?"

"Mama Serah ta cike mata."

Na so in ƙara magana, sai na manta abin da zan ce, na tafi cin abinci. Ya zana awon a kwali, ya jera atamfa huɗu huɗu ya yanka, almakashi ya tasar masa da bororo a yatsa. Ya taka keke Talata da Laraba ba hutawa, yana waƙa. Da safiyar Alhamis riguna goma sha biyu suna rataye a igiya, an goge, iri ɗaya sak kamar ƙwai. Maƙwabta suka zo kallo. Mai shago ya ce, "Manaja, ka ba ni mamaki." Derrick ya ce wannan somin taɓi ne.

Da rana matan suka iso da tulun kiɗansu da kacau-kacau, don daga nan za su wuce filin biki, su ne masu rako amarya da rawa. Kawu Simon ma ya iso da babur, da igiyar roba sabuwa a baya. Mama Bernice ta ce, "Wacce ce tawa? Ban ga suna ba."

Derrick ya ce, "Kowacce taki ce, Mama. Wannan shi ne zamani."

Suka kwashe suka shiga ɗaki. Muka zauna a waje. Da farko shiru. Sai muka ji wani abu ya ce ɓarat. Sai murya daga ciki, kamar daga cikin tulu: "Ku cire ni! Afiniki, ku cire ni, ba na numfashi!"

Labule ya buɗe. Mama Bernice ta fito, an ɗaura mata zani har ƙirji, hannuwanta biyu a sama kamar wadda 'yan sanda suka tare, kanta a cikin riga, ɗankwali kawai ke leƙowa. Mata biyu na ja ta sama, ɗaya na ja ta ƙasa. A bayanta Mama Serah, wuyan riga ya zamo mata har gwiwar hannu, tana riƙe da shi da haƙori. Wata hannun rigar ya tsaya mata a damtse ya ƙi gaba ya ƙi baya. Wata doguwa rigar ta tsaya mata sama da cibiya, ta kare da faranti. Wata gajera kuwa tata ta kai cinya. Mutanen layi suka cika ƙofar gida, masu acaɓa suka kashe inji.

Da aka zare Mama Bernice ta samu iska, ta ce, "Ina yaron nan? Derrick! Rigar wa ka ɗinka mini?"

"Mama, ki kwantar da hankali. Ta matsakaiciyar mace ce."

"Wace ce ita? 'Yar wace coci ce? Ta biya kuɗin anko?"

Mama Serah ta saki wuyan riga ta ce, "Ni dai a nuna mini ita in ba ta kayanta."

Kawu Simon ya tashi a hankali, ya sa tabarau. Ya ce, "Ɗana, mu bi abin a tsanake. Cikin goma sha biyun nan, wa rigar ta yi wa daidai?"

Derrick ya duba. Ya sake dubawa. Ya ce, "Kawu, a ilimance ba dole ne a samu..."

"To a nemo ta. Riga ba ta rasa mai ita." Ya ɗauki guda ya kara a kafaɗar Derrick, ya ja baya ya duba. "Sa mu gani."

"Kawu!"

"Keke nawa ne. Sa."

Ya sa. Jama'a, kamar a jikinsa aka auna. Kafaɗa ta zauna, hannu ya zauna, tsawo ya tsaya inda ya kamata. Gidan ya kece da dariya. Mai tulu ta fara bugawa, Mama Serah ta ɗauko ɗankwali ta ɗaura masa, nan take suka ƙaga waƙa cewa an ga matsakaiciya, ashe 'yar Afiniki ce. Ita kanta Mama Afiniki tana dariya tana share hawaye, ban san wanne ya fi yawa ba. Ranar dai da fararen rigunansu na Zumunta suka je sallama, da zanin anko a ƙasa.

Kawu ya fara kwance igiyar roba. Derrick ya tsaya gaban keke, har yanzu da ɗankwali a kai, murya ta yi ƙasa. "Kawu, ranar aure ka ce. Aure sai jibi."

Kawu ya dube shi ya ce, "Haka na ce. Igiya ba ta ruɓewa kafin jibi."

Da sassafe ranar Juma'a matan suka dawo, kowace da reza. Ba su da wani zaɓi, atamfar ta ƙare a kasuwa, ragowar yankan kuma ƙanana ne. Suka baje a tabarma suna farke gefen riguna. Mama Bernice ta dubi rigar Mama Serah ta ce, "Ke, ba ni kayana. Rabin rigata yana jikinki."

Haka kuwa aka yi. Mama Afiniki ta karɓi tef tana auna kowace mace a jikinta tana faɗa da ƙarfi, Derrick yana rubutawa da suna, yana barin ɗan sarari na ɗinki. Abin da aka rage a gefen sirara aka tsaga aka ƙara a gefen masu jiki, daga hammata zuwa ƙasa. Abin da aka datse a rigar gajeru aka yi wa dogaye baki da shi. Da yake atamfar iri ɗaya ce, sai ka matso sosai kafin ka ga mahaɗi. Ta Mama Bernice ce kawai ta ci ƙari biyu kowane gefe, ta Serah da ta wata. Derrick ya taka keke har ƙafa ta kumbura, mata goma sha biyu a kansa, kowace tana ba shi umarni. Bai ce kashi kaza cikin ɗari ba ko sau ɗaya.

Kafin rana ta faɗi aka gama ta ƙarshe. Aka share baranda, ba a samu ƙyallen da ya kai tafin hannu ba. Derrick ya dubi ƙasa, ya dubi riguna, sai na ga ƙirjinsa yana tasowa.

"Kun gani? Ba ragi, ba ƙari! Kawu, lissafina daidai ne tun farko. Matan ne ba daidai ba!"

Mama Bernice ta cire takalmi. Sai da Derrick ya zagaya rijiya sau biyu a guje.

Ranar Asabar suka shiga coci da ankonsu suna rawa, har wasu baƙi daga Kauru suka tambayi wane tela ne ya fito da wannan yayi na tsaga a gefe. Kawu ya naɗe igiyarsa. Amma kafin ya tafi ya kama hannun Derrick ya kai shi wurin wani tela a bakin kasuwa, ya ce kullum da safe nan zai zauna ya koyi yanka, da yamma ya koma babban ofis. Ƙarshen wata dubu goma ta isa Zangon Kataf, ba a makara ba.

Bai kai rabin biya ba ya sake zuwa gindin mangwaro da wata wasiƙar, shafi uku. Wannan karon injin aikin ado a wuyan riga yake so, mai lantarki, na dubu ɗari da wani abu. Na ce ya tsaya a gaisuwa, bai ji ba. Bayan mako direban bas ya kawo amsa, 'yar takarda guda. Derrick ya buɗe a gabana da murmushi, ya karanta, murmushin ya tafi. Na karɓa na sa tabarau.

"Ɗana Derrick, gaisuwa. Na ga saƙonka. Jiya na aika wa ƙanenka Christopher dubu ɗari biyu kuɗin makaranta, kai ban aiko maka ko sisi ba. A matsakaici kowannenku ya samu dubu ɗari. Ka sayi injin da naka. Kawunka, Simon."